Labarin Yana Sakin Layi na Biyar

Duk wanda ya taɓa zama a ɗakin labarai na gidan rediyo da la'asar ya san yadda lokaci yake ƙurewa. Saura awa ɗaya a karanta labaran yamma, wakilai suna ta bugo waya, ga kuma takardun sanarwa na kamfanoni da ma'aikatu sun taru a imel da WhatsApp. Edita ba ya karanta su daga farko zuwa ƙarshe. Yana duba kan takardar, ya karanta layi biyu ko uku, ya yanke hukunci. In ya ga abin da mai sauraro zai amfana da shi, sai ya ware ta gefe. In kuwa abin da ya tarar shi ne kamfani yana yi wa kansa kirari, sai ya wuce ta gaba, ba don ƙiyayya ba, sai don agogo ba ya jiransa.

Abin da yake damuna shi ne, da yawa daga cikin takardun da ake tsallakewa akwai labari na gaske a cikinsu. An dai binne shi ne a ƙasa, ƙarƙashin tarin yabo. Aikin mai tace sanarwa shi ne ya tono shi ya ɗora a sama, ya mayar da yabon ƙarshen takarda.

Bari mu yi aikin tare a kan takarda guda. Kamfanin da alƙaluman duk na misali ne, amma fasalin takardar irin wanda ake gani kullum ne. A ce wani kamfanin casar shinkafa a Kano ya aiko da sanarwa mai sakin layi bakwai. Ta fara da cewa kamfanin, wanda yake kan gaba wajen casar shinkafa a Afirka ta Yamma, kuma wanda ya yi suna wajen inganci da riƙon amana, yana farin cikin sanar da jama'a wani gagarumin ci gaba a tarihinsa. Sakin layi na biyu tarihin kafuwar kamfanin ne da hangen nesan wanda ya kafa shi. Na uku jerin manyan baƙi ne da suka halarci bikin buɗe sabon inji, kowa da cikakken laƙabinsa. Na huɗu maganar shugaban kamfanin ce, inda yake cewa yana alfahari da wannan rana.

Sai a na biyar aka ce sabon injin yana cashe tan 120 a rana, don haka kamfanin zai buɗe wuraren sayen shinkafa shanshera kai tsaye daga hannun manoma a Kura da Bunkure da Garun Malam daga ranar Litinin 10 ga Nuwamba, kuma zai biya kuɗi cikin awa 48. Na shida ya ambaci ɗaukar ma'aikata 85. Na bakwai ya koma godiya ga gwamnati da abokan hulɗa.

Abu na farko da nake yi da irin wannan takarda shi ne in ajiye ta in tambayi kaina: da zan haɗu da wani manomi ɗan Kura a tasha, motarsa tana shirin tashi, me zan ce masa kafin ta tashi? Ba zan ce masa kamfanin yana farin ciki ba. Zan ce, "Malam, daga Litinin za a fara sayen shanshera a garinku, kuma kwana biyu za a biya ka." Wannan jimlar da ta fito daga baki ba tare da ado ba, ita ce labarin. Duk sauran aikin tacewa gina takarda ne a kanta.

A nan ne mai rubutun farko ya kauce hanya, kuma ina ganin dalilinsa. A cikin kamfanin, babban abin da ya faru shi ne isowar inji. Wata da watanni ana fama da banki da kwastan da injiniyoyi, ranar da aka kunna shi kowa ya yi ajiyar zuciya. Amma mutumin da ke waje bai sha wannan wahalar ba, kuma injin ba zai shiga gidansa ba. Abin da zai shiga gidansa shi ne kuɗin shinkafarsa, ko aikin da ɗansa zai samu. Labari shi ne abin da ya canza a rayuwar mai karatu, inji kuwa dalilin canjin ne, don haka gurbinsa na biyu.

To, ga sabon sakin layi na farko: "Wani kamfanin casar shinkafa a Kano zai fara sayen shanshera kai tsaye daga manoma a Kura da Bunkure da Garun Malam daga ranar Litinin 10 ga Nuwamba, kuma ya ce zai riƙa biya cikin awa 48." A takardar gaske sunan kamfanin zai zo a gurbin "wani kamfani", sau ɗaya, ba tare da kirari ba. Jimlar ta amsa huɗu daga cikin tambayoyi shida da ake koya wa kowane ɗan jarida: wa, me, a ina, yaushe. Sauran biyun, wato yaya da me ya sa, suna iya jira zuwa sakin layi na biyu. Masu koyo sukan yi ƙoƙarin cusa shidan duka a jimla guda, sai ta yi tsawon da mai karanta labarai zai rasa inda zai ja numfashi. Gwajin da nake yi mai sauƙi ne. Ina karanta jimlar da ƙarfi, in numfashina ya ƙare kafin in kai aya, sai in raba ta biyu.

A lura kuma da "ya ce". Biyan kuɗi cikin awa 48 alkawari ne, bai riga ya faru ba. Edita mai hankali zai saka wannan kalmar da kansa, amma in mai sanarwa ya riga shi sakawa, takardar tana ƙara kama da labari, kuma ana ƙara yarda da ita.

Yanzu ga tambayar ma'aikata 85. Shin ba su ne ya kamata su zo farko ba? Ya danganta da inda takardar za ta. Gidan rediyon da ake ji a ƙauyukan noman rani, manomansa sun ninka masu neman aikin masana'anta nesa ba kusa ba, don haka sayen shanshera ne kan gaba. Shafin kasuwanci na jaridar Turanci wataƙila girman injin da jarin da aka zuba ne zai fi jan hankalinsa. Babu laifi a yi wa takarda ɗaya buɗewa biyu, a aika wa kowa wadda ta dace da shi. Abin da ba ya yiwuwa shi ne a ɗora labari uku a jimlar farko don kada a ɓata wa kowane sashe na kamfanin rai. In guraben aikin suna da nasu sharuɗɗan da ranar rufe karɓar takardu, gara a fitar musu da sanarwa ta daban bayan kwana biyu.

Da an ɗora labarin a sama, sai wani abu ya bayyana wanda yabo ya rufe a baya: takardar tana da ramuka. Manomin nan na tasha zai juyo ya tambaye ni, a ina ne a Kura? Ƙarfe nawa ake buɗewa? Nawa buhu? A hannu za a biya ko ta banki? In na kawo mota guda za a iya mayar da ni? Babu amsar ko ɗaya a sakin layi bakwai ɗin nan. Wannan shi ne rabin aikin tacewa da ba a yin sa da alƙalami, da waya ake yin sa. Sai a kira manajan saye, ba ofishin shugaba ba, domin shi ne yake da amsar.

A ce ya amsa cewa ana buɗewa daga ƙarfe 8 na safe zuwa 4 na yamma, ta banki za a biya, a zo da katin shaida da lambar asusu, kuma ba za a karɓi shinkafar da danshinta ya wuce kashi 14 cikin 100 ba. Wannan sharaɗi na ƙarshe ya fi duk tarihin kamfanin muhimmanci. Kashi 14 shi ne ma'aunin da masu casa suka saba nema, domin shinkafa mai danshi tana lalacewa a ajiya kuma ba ta casuwa da kyau. Manomin da bai ji wannan ba zai biya kuɗin mota da na 'yan dako, a auna a ce ya koma ya shanya. Ranar nan zai tsine wa kamfanin da gidan rediyon da ya ji sanarwar. Saboda haka sharaɗin yana hawa sakin layi na biyu, tare da wuraren da lokutan.

Farashi kuma fa? Sau da yawa kamfani ba ya son faɗa, saboda kasuwa tana motsi. In haka ne, a rubuta gaskiyar yadda za a yi: za a liƙa farashin kowace rana a bakin wurin saye. Abin da nake sokewa ba tare da shawara ba shi ne "farashi mai gamsarwa". Wa ya gamsu? Haka nan "nan ba da jimawa ba" da "ɗimbin manoma" da "sassa daban-daban na jihar". Kowace irin wannan magana gurbi ce da ya kamata rana ko adadi ko sunan gari ya zauna.

Sai sakin layi na uku, inda injin yake samun wurinsa a matsayin dalili: kamfanin ya ce sabon injin da ya kafa yana cashe tan 120 a rana, shi ya sa yake buƙatar ƙarin shanshera. Ga mai sauraron Hausa, tan ba ya zana hoto a zuciya. In aka ɗauki buhu a kan kilo 100, tan 120 buhu 1,200 ne, kuma wannan adadi kowa yana iya hango shi a jibge. Sai dai a yi lissafin sau biyu, a kuma tabbatar ko shanshera ake nufi ko wadda aka riga aka cashe, domin ba ɗaya ba ne. Kuskuren sifiri guda a sanarwa yakan bi ta jaridu da dama kafin wani ya lura.

Maganar shugaba ita ce wurin da ake yawan kai ruwa rana. "Ina alfahari da wannan rana" ba ta ƙara wa mai karatu komai, kuma kowane shugaba na kowane kamfani zai iya faɗin ta. Amfanin magana daga bakin mutum shi ne ta ɗauki abin da jimlar labari ba za ta iya ɗauka ba: dalili, ko ra'ayi, ko alkawarin da za a iya riƙe shi da shi gobe. In aka zauna da shugaban minti biyar aka tambaye shi me ya sa ya zaɓi ya sayi shinkafa kai tsaye, zai iya cewa manoma sun daɗe suna kukan jinkirin biya, kuma yana so duk wanda kuɗinsa ya wuce kwana biyu ya kira lambar da aka bayar. Wannan magana edita zai ɗauka. Amma akwai iyaka da ba a tsallakewa. Mai tacewa yana iya rage magana, yana iya ba da shawarar wata, amma ba ya saka wa mutum kalma a baki ya fitar ba tare da mai maganar ya gani ya amince ba. Gobe ɗan jarida zai iya tare shi da ita a gaban na'urar ɗaukar murya.

Jerin manyan baƙi yakan koma jimla ɗaya, ko ya koma ƙarƙashin hoto. In wani daga cikinsu ya faɗi sabon abu, misali ya ba da ranar da za a gyara hanyar da ke shiga wurin, to wannan labari ne, sai a ɗauko shi. Halarta kaɗai ba labari ba ce.

Na san abin da zai zo zuciyar mai karatu, domin ni ma Bahaushe ne. Mu ba ma shiga magana ba sallama. Wasiƙarmu da gaisuwa take farawa, taronmu da jero sunayen manya yake buɗewa, kuma wanda ya tsallake wannan sai a ce ba shi da ladabi. To amma muna da wata al'adar ma, kuma ta fi kusa da wannan aiki. Mai shela a gari yakan ce sarki ya gaishe ku, numfashi ɗaya, sai ya faɗi saƙo: gobe kowa ya fito aikin gayya, ko an ga wata. Ba ya tsayawa jero kakannin sarki, wannan aikin maroƙa ne, kuma da nasu lokacin. Sanarwar rasuwa a rediyo ma haka take. Bayan salati sai sunan mamaci, sai lokaci da wurin jana'iza, sannan a zo kan 'ya'ya da jikokin da ya bari. Ba wanda ya taɓa cewa an raina mamacin. Kowa ya san mai sauraro yana buƙatar ya san ƙarfe nawa zai fita. Sanarwar manema labarai shela ce.

Asalinta ma haka yake. Takardar da aka fi ambata a matsayin sanarwar manema labarai ta farko a wannan zamani, Ivy Lee ne ya rubuta ta a Amurka a watan Oktoba na 1906, a madadin kamfanin jirgin ƙasa na Pennsylvania, bayan wani jirgi ya faɗa ruwa a Atlantic City mutum fiye da 50 suka mutu. Ba don yabo aka ƙirƙiro ta ba. An yi ta ne don a ba 'yan jarida bayanin abin da ya faru daga bakin kamfanin kafin jita-jita ta cika gari.

Wannan ya kawo ni kan mafi munin nau'in binne labari, wato ɓoye labari mara daɗi. Kamfani zai ƙara farashi, ko zai rufe reshe, ko zai janye wani kaya daga kasuwa, sai a yi sakin layi huɗu ana maganar ƙudurin kyautata wa abokan ciniki, a saƙala ainihin batun a ƙasa cikin lafazi mai santsi. Ɗan jarida da ya ƙware yana gane wannan daga nesa, har wasu sukan fara karanta irin wannan takarda daga ƙasa. In ya tono batun da kansa, shi zai rubuta kan labarin, kuma da kalmominsa, ba na kamfanin ba. In kuwa abin ya shafi lafiya, kamar kayan abinci da aka gano matsala a cikinsu, to jinkirta shi zuwa sakin layi na biyar ya wuce matsalar salo, ya zama cutar da mutane.

Yabon fa, ina za a kai shi? Ba a zubar da shi duka. Yana da ɗakinsa a ƙarshen takarda, sakin layi guda mai taken "Game da kamfanin", layi uku ko huɗu: shekarar kafuwa, inda yake, abin da yake samarwa, yawan ma'aikata. Ko a nan ina tace shi. "Kan gaba a Afirka ta Yamma" sai in tambaya, wa ya auna, da wane ma'auni? In akwai hujja, a kawo ta da sunan wanda ya bayar. In babu, a cire. Akwai gwajin da ba ya kuskure: a goge sunan kamfanin a saka na abokin hamayyarsa. Duk jimlar da ta zauna daram bayan wannan musanya, ba ta faɗi komai game da kamfanin ba. "Ya yi suna wajen inganci da riƙon amana" kowa zai iya ɗauka. "Yana da ma'aikata 300 a masana'antarsa" ta mutum ɗaya ce. Bayan wannan sai suna da lambar wayar wanda zai amsa tambayar ɗan jarida, kuma ya kasance mutum ne mai ɗaga waya da yamma.

Dalilin wannan jeri ba ado ba ne. 'Yan jarida suna kwatanta shi da dala da aka kifa, faɗinta a sama, tsininta a ƙasa, saboda idan wuri ya yi kaɗan daga ƙasa ake yankewa. Jarida tana iya samun gurbin sakin layi uku kawai, rediyo kuma rabin minti. Don haka kafin in saki takarda nakan rufe sakin layi na ƙarshe da hannu in karanta, in sake rufe na samansa, har in kai na farko. A kowane mataki abin da ya rage ya kamata ya tsaya da ƙafarsa. A tsohuwar takardarmu, wanda ya yanke daga ƙasa zai zubar da ma'aikata 85 da wuraren saye uku, ya bar farin cikin kamfani. A sabuwar, abin da zai fara faɗuwa shi ne tarihin kamfanin, kuma ko layi biyu kaɗai aka karanta, manomi ya ji gari da rana.

Kan takardar ma ya bi wannan doka, domin a waya shi kaɗai ake gani kafin a buɗe saƙo. "Sanarwa ta musamman" ba ya gaya wa edita komai. "Za a fara sayen shanshera a Kura, Bunkure da Garun Malam ranar Litinin" ya riga ya yi rabin aikin.

Wuya ta ƙarshe ba a kan takarda take ba, a ofishin mai gida take. Jami'in hulɗa da jama'a zai kai sabuwar sanarwa, shugaba ya duba ya ce, "Ina sunana? Ina tarihin Alhaji?" Gardama a kan salo ba ta cin nasara a nan. Abin da na ga yana aiki shi ne a ajiye masa takardun biyu, a ce, "Ranka ya daɗe, in rabin minti kawai aka ba mu a labaran yamma, wacce kake so manoman Bunkure su ji?" A kuma nuna masa cewa tarihin da hotunan bikin suna da wurarensu, a shafin kamfanin, ko a tallan da aka biya kuɗinsa, inda ba mai yanke masa ko kalma.

Wani lokaci kuma za a tono takarda har ƙasa a tarar babu komai. An yi taro, an ci abinci, shugaba ya karɓi lambar yabo daga wata ƙungiya, ba abin da ya canza ga kowa a waje. Tacewa ba ta iya haifar da labarin da babu shi, kuma gara a gaya wa mai gida haka a riƙe takardar. Edita yana tuna sunayen da suka saba aiko masa da wofi. In kamfanin casar nan ya cika masa akwati da irinsu wata shida, ranar da sanarwar 10 ga Nuwamba ta iso wataƙila ba zai ma buɗe ta ba, manoman Garun Malam kuwa sai dai su ji a bakin dillali.